Gwaggo Mai Zip da Wanduna Huɗu na Shago Tara

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris na 2014, da misalin ƙarfe goma na safe, Akawu ya fara ganin Gwaggo Mai Zip. Kwanansa biyu ke nan da kama aiki a ofishin ƙungiyar masu sayar da tufafi, wani ɗan ɗaki a saman benen kasuwa mai tebur ɗaya, kujeru shida, kabad ɗin ƙarfe da fanka mai ƙara kamar za ta faɗo. Yana cikin ja wa sabuwar rajista layi sai wani saurayi ya shigo yana huci, ya jefa wandon jins a kan tebur, ya ce an sayar masa da jabu da sunan na asali. Mai shagon na biye da shi yana rantse-rantse.

Shugaban ƙungiya bai ko taɓa wandon ba. Ya leƙa ta taga ya ƙwala kira, "A ce Gwaggo ta hawo!"

Akawu ya zaci wata babbar 'yar kasuwa ce za ta shigo. Sai ga wata gajeruwar mata, ta ba hamsin baya, filaya a hannu, guntayen zare maƙale a gyalenta. Ta gaishe da Shugaba, ta dubi Akawu sama da ƙasa.

"Wannan ne sabon mai biron? Allah Ya sa ya fi na da jin magana."

Ta ɗauki wandon ta juya cikinsa waje. Ta duba 'yan ƙusoshin tagullar da ke riƙe bakin aljihu, gaba da baya. Ta ɗaga mariƙin zip ta leƙa ƙarƙashinsa. Ta juya maɓallin ƙugu ta dubi bayansa, sannan ta jawo lebul ɗin wanki da ke ɗinke a ciki ta karanta. Duka bai kai minti biyu ba.

"Jabu ne. Amma an iya shi," in ji ta, ta ajiye.

Aka sa mai shagon ya karɓi kayansa, aka rubuta masa gargaɗi. Akawu ya rubuta hukuncin, amma abin ya tsaya masa a rai. Shi dai wando ya gani, shuɗi, mai kyau, da tambarin kamfani a bayansa. Da aka tashi cin abincin rana sai ya sauka ya same ta a wurinta, wani lungu a ƙarƙashin matakala, inda keken ɗinkinta yake, da benci, da gwangwanayen madara cike da zip iri-iri.

"Gwaggo, don Allah me kika gani a jikin wandon nan?"

"Rubutawa za ka yi?"

"In kin yarda."

"To zauna, kada ka tare mini haske."

Ta zaro wani tsohon wando daga cikin kayan gyara, na kamfanin da 'yan kasuwar ke kira Mai Ƙaho saboda tambarinsa. Ta nuna masa ƙusar aljihu. A na asali, in ji ta, haruffan kamfanin a buge suke sosai, a zagaye daidai, kuma in ka juya ta ciki za ka ga an buga wa bayan ƙusar ma. Masu jabu sukan yi wa gaba ado su bar bayan fili, don sun san mai saye ba ya leƙawa. Zip kuwa, ko dai sunan kamfanin wandon ne a jikin mariƙin, ko sunan babban kamfanin zip da yake saye a wurinsa. Sai ta juya maɓallin ƙugu, ga wasu 'yan lambobi uku a buge a bayansa.

"Wannan lambar masana'antar da aka ɗinka shi ce. Yanzu dubi lebul ɗin wanki, layin ƙasa. Me ka gani?"

"Lamba ɗaya ce da ta maɓallin."

"To, a na yaron nan na ɗazu, maɓalli na cewa abu ɗaya, lebul na cewa wani. Ba kowane kamfani ke yin wannan ba, amma Mai Ƙaho yana yi." Ta ɗaga masa yatsa. "Kuma ka riƙe wannan, Mai Biro: shaida ɗaya ba ta isa a yanke wa mutum hukunci. Ƙusa kan goge, zip kan mutu a sauya, lebul kan koɗe. Sai ka tara su duka ka ji ko bakinsu ya zo ɗaya."

A ranar ya ƙara wa rajistarsa gida na shida. Da ma akwai kwanan wata, mai ƙara, wanda ake ƙara, irin kaya da hukunci. Sabon gidan ya sa masa suna "lambobi". Ba wanda ya sa shi. Shi dai yana son ya ga ko abin zai ci gaba da dacewa.

Da kaɗan-kaɗan, a zaman benci, ya haɗa tarihinta. Ubanta mai gyaran agogo ne, a wurinsa ta saba da kallon ƙananan abubuwa. Tana da shekara sha tara ta shiga wata masana'antar ɗinki da ke yi wa kamfanonin waje aiki. Ta fara a yanke zare, ta koma kan keke, daga baya aka sa ta a teburin ƙarshe, inda ake duba kaya kafin a naɗe. Shekara goma sha shida tana juya wanduna da riguna ciki waje, tana ware mai karkataccen lebul da mai ƙusar da ba ta zauna ba. Da masana'antar ta rufe, mijinta direban babbar mota ya saya mata keke, ta kama lungun nan. Ya rasu bayan shekara huɗu. 'Ya'yanta uku ne, duka mata. Biyu sun yi nisa da aure, Auta kuma tana aiki a kantin magani, ita ke zaune da ita.

Rigunan wasanni sun fi ba ta dariya. Wata rana aka kawo rigunan motsa jiki uku, ja da baƙa da shuɗiya, duka masu tambarin kamfani ɗaya. Ta laluba ɗinkin gefen hagu ta ciki, ta fito da ɗan ƙaramin lebul na kowace, ta jera su ta ce Akawu ya duba. Lambar samfuri ce, sannan ɗan layi, sannan lambobi uku.

"Ukun ƙarshen nan na launi ne. Ja da nasa, baƙi da nasa. To ka ga riga uku, launi uku, lamba ɗaya. Lebul guda suka buga buhu-buhu suna liƙa wa kowa, kamar an yi wa 'yan gida ɗaya takardar haihuwa guda."

Ta nuna masa yadda haruffan na asali suke sirara, a tsaye, tazararsu ɗaya, na jabu kuma tawadarsu ta yi kauri ta nashe cikin ƙyallen. Ta koya masa jerin alamomin wanki yadda suka saba zuwa: baho, sai mai kusurwa uku, sai murabba'i, sai dutsen guga, sai da'ira. Wani lokaci lebul zai ce auduga zalla, ka ja yadin ka ga yana miƙewa kamar roba. "Ka ga riga na ƙaryata kanta," in ji ta.

Dokar ƙungiya ba ta hana sayar da kwaikwayo ba, muddin an faɗa wa mai saye abin da yake saye. Abin da ta hana shi ne kiran jabu da sunan na asali. A shekarar 2018, bayan jami'ai sun shigo sun kwashe kaya sun rufe layi guda na sati uku, aka tsaurara: duk wanda aka samu da irin wannan kaya fiye da ɗaya, za a sa wa shagonsa kwaɗo, bayan kwana goma a ba wani. Tun daga lokacin maganar Gwaggo ta ƙara nauyi. In ta ce na asali ne, mutum ya koma shagonsa. In ta ce jabu ne, ya fara neman buhun kwashe kaya.

Wajajen wannan lokacin ne ta canza yadda take aiki. Da, ita ke karantawa shi yana rubutawa. Sai ta fara tura masa wandon tana cewa, "Tunda kai ne mai son lambobi, karanta da ƙarfi, ka rubuta gaba ɗaya, kada ka ɓata mini lokaci." Shi kuwa daɗi ya ji, yana ganin girma aka ba shi. Zai karanta na maɓalli, ya karanta na lebul, ta tambaye shi ko haruffan sun nashe, ya amsa, ita kuma tana shafa ƙusa da zip da ɗan yatsa, sannan ta yanke.

A ƙarshen watan Agusta na 2021 Akawu ya ɗauki hutun sati ɗaya don ya kai mahaifiyarsa asibiti a yi mata aiki. Ya dawo ranar Litinin, shida ga Satumba, ya tarar da 'yar takarda a ƙarƙashin kofin shayinsa, da rubutun Shugaba: *Alhamis, 2 ga wata. Shago Tara. Wandon jins huɗu, Mai Ƙaho. Jabu. An sa kwaɗo.* Wandunan na cikin kabad a ɗaure da igiya.

Shago Tara na wata mata ce da kowa ke kira Maman Biyu, mai sayar da gwanjo. Ba ta fi shekara ɗaya da rabi a kasuwar ba, kuma sunanta bai taɓa shiga rajista ba. Akawu ya kwafe maganar gida-gida, da ya zo na shida sai biro ya tsaya. A shekara bakwai bai taɓa barin gidan nan fili ba. Ba wai yana shakkar hukuncin ba ne, filin ne kawai ya dame shi. Ya buɗe kabad ya kwance igiyar.

Wando na farko: zip ɗinsa sumul, babu suna ko ɗaya. Ya gyaɗa kai. Ya juya maɓalli ya rubuta lambar, ya jawo lebul ɗin wanki. Lamba ɗaya ce. Ya goge tabarau ya sake dubawa. Na biyu ma haka, na uku haka, na huɗu haka. Lambobin sun bambanta daga wando zuwa wando, amma a kowane wando maɓalli da lebul bakinsu ɗaya. Haruffan sun koɗe da wanki, amma sirara ne, ba su nashe ba. Ƙusoshin sun sha gogayya har gabansu ya yi santsi, sai dai in ka karkata su wajen taga kana ganin sauran haruffa, bayansu kuwa da bai sha hannu ba rubutun na nan raɗau.

Yana cikin haka sai ga Maman Biyu ta shigo, idanunta a kumbure, da leda a hannu.

"Malam Akawu, an ce ka dawo. Don girman Allah ka saurare ni, ba wanda ya saurare ni."

"Zauna, Maman Biyu. Ina jin ki."

Ta ce wani kocin ƙwallo ne ya sayi wando ɗaya, abokansa suka ga zip suka yi ta yi masa tsiya, ya dawo da faɗa. Aka je shagonta aka zaƙulo wasu uku masu irin zip ɗin. Ita kuwa abin da take yi shi ne, idan aka fasa dilar gwanjo, sai ta tsinci na asali waɗanda zip ɗinsu ya mutu, waɗanda sauran 'yan kasuwa ke turewa gefe. Ta kai gida, maigidanta tela ne, ya farke ya sa sabo. Ta zazzage ledar a kan tebur, matattun zip ne, duka da tambarin Mai Ƙaho a mariƙinsu.

"Na faɗa a ranar, aka ce kowa haka yake cewa. Na kawo waɗannan washegari, Shugaba ya ce ko a bola ana tsintar mataccen zip. Ran Lahadi kwana goman ke cika. An ce har an yi wa wani alkawarin shagon. Da shi nake ciyar da yaran nan, Malam."

"Gwaggo ta duba maɓalli da lebul?"

"Ta duba mana. Ta kai su har kusa da hancinta."

Akawu ya ce ta je gida, zai neme ta. Ya naɗe wando ɗaya ya sauka. Bai je kai tsaye ba, ya tsaya a kan matakala yana kallon Gwaggo daga sama, abin da bai taɓa yi ba. Zare ya ƙare mata a keke. Ya ga ba ta ko sunkuya ba. Ta laluba allurar da yatsa, ta zura wata 'yar siririyar waya ta jawo zaren, fuskarta na kallon bango. Wata mata ta miƙo mata siket, ta miƙa hannu ta kuskure shi da kusan taƙi guda kafin ta kama. A gefen keken akwai tsumma da aka soke allurai bakwai a jere, kowace da zarenta a zure, kowace da launinta.

Ya ƙarasa ya zauna a benci.

"Mai Biro, ka dawo? Ya jikin tsohuwa?"

"Da sauƙi, Gwaggo. Wata lamba ce ta shige mini duhu, ko za ki duba mini?"

Ya miƙa mata wandon da lebul a buɗe. Ta karɓa, yatsunta suka bi ƙugun, suka sauka kan zip, suka tsaya. Ta gane shi.

"Karanta mana, ai aikinka ne."

"Na karanta. Ke nake so ki karanta."

A shagon da ke kusa wani na ta yi wa mai saye rantsuwa a kan takalmi. Ta ajiye wandon a cinya.

"Me lambobin suka ce?"

"Bakinsu ɗaya. Duka huɗun."

"Ƙusa fa?"

"Gaba ya goge, baya na nan da rubutunsa."

Ta rufe ido. "Buɗe gaban wandon ta ciki, inda zip ya kwanta. Karkata shi wajen haske. Akwai wani layin 'yan ramuka kusa da ɗinkin, wanda babu zare a ciki?"

Ya karkata. Ga su nan kuwa, ƙanana, a jere, sawun tsohon ɗinki.

"Akwai."

"Zaren zip ɗin da na sauran wandon, launinsu ɗaya?"

"Na zip ya ɗan fi haske."

"To an sauya shi. Kuma wanda ya sauya ya iya aiki, don hannuna bai ji komai ba." Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ni da nake cin abinci da sauya zip."

"Tun yaushe, Gwaggo?"

"Shekara uku. Yanar ido ce. Ta fara da na hagu, yanzu na dama ma kamar ana kallo ta gilashin da aka shafa wa sabulu. Auta ce ke zura mini allurai kafin ta fita aiki. Ta yi ta fama in je asibiti, ni kuwa tsoron wuƙa nake, kuma na ce ranar da aka gan ni da bandeji a ido, wa zai sake kawo mini wando?"

"Ashe duk karatun da nake yi da ƙarfi…"

"Kai kana jin kai ne ɗalibi, ni kuma da idonka nake aiki. Ka yafe ni."

Akawu ya rasa abin da ya fi yi masa yawa, haushi ko mamaki. Ya tambaye ta me ya hana ta cewa a jira shi ranar Alhamis.

"Ɗaki cike, kocin nan na ihu, Shugaba na cewa Gwaggo yanke mana. In ce a jira akawu? Su ce me ya haɗa akawu da wando? Na shafa zip na ji fili, na shafa ƙusa na ji santsi. Na kai lebul kusa da ido don a ga na duba. Bakina ya riga ni." Ta shafa wandon. "Tun ranar abinci ba ya mini daɗi. Ina ta ce wa kaina wataƙila dai jabun ne."

Ya ce akwai hanya mai sauƙi. Zai gaya wa Shugaba cewa lambobi sun nuna a sake dubawa, a zauna, ya karanta kamar kullum, ta ce ta sake nazari. Ba sai kowa ya ji maganar ido ba.

Ta daɗe tana juya filaya a hannu.

"In ka yi rashin lafiya gobe fa? Ko ka bar aikin? Kuma in na ce na sake nazari, rabin kasuwa za su ce maigidan Maman Biyu ne ya zo ya ga Gwaggo a ɓoye. Za a buɗe mata shago, amma sunan mai jabu ba zai bar ta ba. A'a. Ka ce wa Shugaba ya tara mutane ran Laraba."

Ran Laraba, takwas ga wata, ƙarfe sha ɗaya, ɗakin ya cika har matakala. Kocin ya zo, Maman Biyu ta zo da maigidanta, wani siririn mutum mai tef ɗin awo a wuya. Gwaggo ba ta zauna ba.

"Ranka ya daɗe, hukuncin da na yanke ran Alhamis ba daidai ba ne. Wandunan nan na asali ne, zip kawai aka sauya. Ban ga lambobin ba a ranar, domin shekara uku ke nan ba na ganin ƙaramin rubutu. Akawu ke karanta mini, shi ma bai sani ba. Da ba ya nan, na yanke da hannu, na ɓoye muku."

Ɗakin ya kaure. Wani daga baya ya ce, "Shekara uku makauniya ke mana alƙalanci!" Wani ya ce masa, "Kai dai yi shiru, da idonka biyu aka sayar maka da rigar da tambarinta ya bi ruwan wankin farko." Aka fashe da dariya. Shugaba ya buga tebur. Fuskarsa ba dariya.

"Gwaggo, kin san abin da kika jawo? Duk wanda aka taɓa rufe wa shago zai dawo mana nan."

"Na sani. Shi ya sa na ce a tara mutane."

Aka raba wandunan huɗu ga mutum huɗu na kwamitin ƙungiya. Gwaggo na faɗin inda za a duba, su suna dubawa: bayan maɓalli, layin ƙasa na lebul, bayan ƙusa, sawun tsohon ɗinki. Kowa ya karanta nasa da ƙarfi, Akawu na cike gida na shida. Aka tambayi telan, ya ce a nemo wandon da zip ɗinsa ya fi gajarta a cikin huɗun, mataccensa na cikin ledar, haƙoransa uku na ƙasa sun zube. Aka nemo, aka gwada tsawon, ya zauna daidai.

Kocin ya juya nasa yana kallo. "Wato na asali na saya?"

"Na asali, da sabon zip a kai," in ji Gwaggo. "Ka je ka ce wa abokan naka su kawo nasu a juya."

Shugaba ya zaro makulli ya miƙa wa Maman Biyu, ya ƙara da cewa daga yau duk wanda ya sauya wa kaya zip ko maɓalli dole ya faɗa wa mai saye, a kuma rubuta wannan cikin doka. Ta karɓa. Da za ta fita Gwaggo ta kira ta.

"'Yar nan, na cuce ki kwana shida. Ki yafe mini."

"Na ji, Gwaggo," in ji ta. Ta juya ta sauka.

Shugaba ya sa Akawu ya bi rajista tun daga farkon 2018. Kwana biyu ya yi yana bi. Ƙararraki ɗari da arba'in da ɗaya aka yanke a tsakanin, a duka yana wurin, kuma a duka gida na shida a cike yake. Mutum biyu da aka taɓa karɓe wa shago suka dawo suka nemi a sake duba nasu. Aka karanta musu lambobinsu, ba su dace ba, suka tafi.

Gwaggo ba ta sake hawa benen a matsayin mai yanke hukunci ba. Ƙungiya ta naɗa mutum uku su riƙa dubawa tare, kowa ya sa hannu. Ita ta koya musu a bencinta, sati shida, tana yi musu tsiyar cewa hannuwansu kamar na masu faskare. A watan Nuwamba Auta ta kai ta aka cire yanar idon hagu. Aikin ya yi kyau. Na dama bai gyaru sosai ba ko bayan an yi shi. Ta ci gaba da gyaran zip a ƙarƙashin matakala har ƙarshen 2023, lokacin da ciwon gwiwa ya hana ta taka keke. Ta sayar da keken, ta bar lungun ga wani mai gyaran jaka. Yanzu tana zaune tare da Auta da mijin Auta a wani gida mai ɗaki uku a bayan tashar mota, tana da shekara sittin da bakwai.